Hutun da Zailani Mai Awo Ya Nema

Kakata Bilkisu ta ce ba ta taɓa ganin mahaifinta ya gama cin tuwo a zaune ba. Zai fara a kan tabarma kamar kowa, kafin a kai rabin akushi ya miƙe ya leƙa zaure, ya dawo ya ɗauki sauran lomar a tsaye. Sunansa Zailani, amma a Sabon Garin Zariya ba wanda ya san shi sai da Zailani Mai Awo.

A fatauci ya tashi. Tun yana yaro yake bin jakunan mahaifinsa zuwa Gwanja sayen goro, har tsohon ya rasu a hanya aka binne shi a wani zango. Da Turawa suka shigo, fatauci ya fara sauya kama, sai ya shiga aikin wani kamfani mai sayen fata da auduga, yana jagorantar 'yan dako daga bakin Kwara zuwa arewa. Kamfanin ya daɗe da rushewa, ko sunansa kakata ba ta riƙe ba. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya, dako ya mutu. Kamfanin ya kafa rumfar kwano kusa da tasha, wajen da ake kira PZ yanzu, aka ɗora Zailani a kan sikeli, domin manoma sun san fuskarsa, kuma idan ya ce buhu ya kai kaza ba sa musu.

Aikin ya rufa masa asiri. Ya sami fili a Unguwar Gabas ya yi ɗakuna, ya ajiye matarsa Safiyatu da 'ya'yansu. Sai dai tsayuwa wuri guda daga safe zuwa la'asar ta fi masa tafiyar wata wuya. Mahaifiyarsa Zubaidatu kuwa ta ƙi Sabon Gari ƙememe, ta ce ba ta iya barci inda ƙarfe ke kuka. Tana zaune a wata 'yar unguwar manoma, inda Samaru take yanzu, tana kaɗi tana kiwon awaki. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Zailani yakan taka zuwa can ya gaishe ta.

A daminar shekarar 1912 ya je ya tarar babu awaki a turke. Ya tambaya ko kura ce.

"Na sayar," in ji ta. "Madugu Ahmadu zai tashi gabas da kaka, da zarar hanya ta bushe. Ni ma da ni."

"Gabas ina, Inna?"

"Gabas nawa ka sani? Makka."

Ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce mata ta dubi shekarunta, ta dubi idonta da ya fara hazo. Ta ce idon ne ma ya sa take sauri, tana so ta ga Ɗakin Allah tun tana iya bambanta baƙi da fari. Ya ce mace ba ta wannan tafiya ba muharrami. Ta ce ta riga ta tambayi liman, ya ce hajjin farilla ana iya yin sa cikin amintacciyar tawaga, kuma matar Ahmadu na ciki.

"Ban ce ka bi ni ba," ta ce, tana murza mazari. "Kana da aikinka na Nasara. Na dai gaya maka ne kada ka zo wata Juma'a ka tarar da ɗaki a rufe."

Tun daga ranar barcinsa ya ragu, abincinsa ma haka. Ba zai bar tsohuwa ta ratsa Borno da Wadai a hannun wasu ba. Shi kansa, in gaskiya za a faɗa, ƙafarsa ta daɗe tana ƙaiƙayin hanya. Amma ga Safiyatu, ga yara, kuma gidan kaf a kan albashin sikelin nan yake tsaye.

Kamfanin yana ba ma'aikatansa na dindindin hutun wata guda a shekara, galibi da damina lokacin da babu kaya. Zailani bai ɗauki na bara ba, bai ɗauki na bana ba. Da wannan ya je wurin akawun kamfanin, wani mai suna Bernard. Bernard Kirista ne, 'yan mishan suka raine shi a Lakwaja, amma Hausa ce a bakinsa tun ta goyo. Shi ke rubuta duk wata takarda da ke fita daga rumfar, kuma sun saba da Zailani tun zamanin dako.

"Akawu, hutu nake so ka rubuta mini. Zan kai tsohuwa hajji."

"Madalla. Allah ya sa a je lafiya. Kana da wata biyu a ajiye. Daga yaushe zuwa yaushe?"

"Daga kaka. Zuwa randa Allah ya dawo da mu."

Bernard ya ajiye alƙalami. "Malam Zailani, takardar hutu ranar fita take so da ranar dawowa. Ba ni da gurbin da zan sa randa Allah ya so."

"To sa shekara biyu. In an yi jinkiri, uku."

Bernard ya dube shi. Daga nan ya tashi ya leƙa ƙofa, ya dawo ya rage murya. Ya ce akwai hanya mai sauƙi: a rubuta wata biyu, a ce zai je ganin dangi a Borno. Bature zai sa hannu nan take, a biya shi kuɗin hutunsa, ya yi tafiyarsa. In wata biyu ta cika bai dawo ba a share sunansa, shi ke nan, ba wanda zai bi shi Wadai. Ya ce ya ga masu yin haka ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Zailani ya kwana biyu yana juya maganar. Safiyatu ta ce a ganinta shawarar ba ta da laifi, tunda hutun hakkinsa ne. Amma shi abin ya tsaya masa a wuya. Mai niyyar hajji gida gida yake bi yana neman gafara, yana mayar da amanar mutane. Yaya zai fara da yi wa wanda ya ba shi amanar sikeli ƙarya? Ban da haka, yana so a ajiye masa gurbinsa, kuma wanda ya gudu ba a ajiye masa komai. Ya koma ya ce wa Bernard a rubuta gaskiya.

Rubutun ya ci musu yammaci guda, domin Bernard ya ce in dai za a nemi abin da ba a saba bayarwa ba, dole a bayyana dalilin tsawon tafiyar dalla-dalla. Zailani yana kai da kawo a ɗan ofishin yana faɗa, Bernard yana mayarwa Turanci. Za su hau jirgi zuwa Kano, a can ayarin zai haɗu da na wasu garuruwa. Daga Kano a ƙasa, tsohuwa a kan takarkari, su bi ta Borno zuwa Dikwa, su haye kogi su shiga ƙasar da Faransa ke mulka, su ratsa Wadai da Darfur. An ce jirgin ƙasa ya iso wani gari a Kurdufan, in haka ne za su hau shi zuwa Kartum har bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa a Sawakin su sauka Jidda. Hajjin bana ya riga ya kuɓuce, na baɗi suke nufi. A hanya dole a tsaya inda damina ta riske su, a yi ƙodago a ƙara guzuri, kuma a bakin teku ana tsare alhazai kwanaki saboda gudun cuta. Dawowa ma haka. Ya roƙi a ba shi wata biyunsa da albashi, sauran kuma a bar shi ba albashi, a riƙe masa aikinsa. Ya kawo sunan Uba, ƙanen Safiyatu, wanda ya iya lissafi kuma ya taɓa taya shi awo, ya tsaya a madadinsa. Bernard ya ƙara da kansa cewa mai roƙon zai nemi takardar shaida daga ofishin Razdan saboda masu tsaron iyaka. Zailani ya sa hannu da ajami.

Manajan rumfar wani Bature ne da ake kira Mai Lofe, saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne, mutum ne dai mai tsoron na sama da shi. Ya karanta takardar, ya sa Bernard ya tsaya tafinta.

"Ya ce shekara biyu ba hutu ba ne, barin aiki ne."

"Gaya masa ni ban bar aiki ba. Zan je in dawo."

"Ya ce wa ya ba ka tabbacin dawowa?"

"Ba kowa. Shi ma da zai tafi hutu ƙasarsu, teku yake hayewa."

Mai Lofe ya yi murmushi da aka fassara masa, amma ya girgiza kai. Ya ce ikonsa bai wuce hutun shekara ba, abin da ya haura wannan sai babban ofishi a Ikko. Ya ce kuma ga matsala: lokacin da ayari ke tashi shi ne lokacin da auduga ke fara shigowa, ranar da ya fi bukatar mai awo. In Zailani zai tsaya a gama kakar auduga, zai rubuta wa Ikko da kakkausar murya a kansa. In ba zai tsaya ba, zai aika takardar yadda take, ya bar su su yanke.

Zailani ya tafi wurin mahaifiyarsa tun kafin Juma'a ta zo. Ya ce ta yi haƙuri zuwa bazara, wani ayarin zai tashi.

"Da bazara rijiyoyin hanya sun ƙafe," ta ce. "Kai ɗan fatake ne, ka fi ni sani. In an ce bazara, an ce wata kakar ke nan. Kai kana da wata kakar. Ni ban sani ba."

Ya dawo ya ce a aika takardar yadda take.

Daga nan jira ya fara. Ruwa ya ɗauke, dawa ta sunkuya, amsa ba ta zo ba. Duk ranar da jirgin kudu zai shigo, Zailani yana kan dakalin tasha tun kafin a ji kukansa, ya bi jakar wasiƙu da ido har ofis, ya tsaya a bakin taga yana kallon Bernard na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Bernard ya ɗaga kai ya girgiza. Zailani ya koma kan sikeli. A tsakanin haka ya karɓo takardar Razdan, ya sa aka ɗinka salkuna, ya sayi takalman fata, ya kawo Uba yana nuna masa yadda ake duba auduga ko an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi, da yadda ake magana da manomi in ya fusata. Ya bi maƙwabta neman gafara. Wasu suka tambaye shi yaushe ne tashi, ya ce bai sani ba. Wasu suka ce ashe dai tafiyar ba tabbas.

Kakata ta ce a kwanakin nan ko alwala a gaggauce yake yi. Ya ɗaure kaya ya kwance, ya sake ɗaurewa. Wata rana ya yi wa wani manomi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da bai taɓa yi ba, ya bi mutumin har bakin kasuwa yana ba shi haƙuri. Safiyatu ta gaji ta ce, "Malam, ko ka tafi ko ka zauna. Wannan da kake yi, ba ka nan ba ka can, ya fi tafiyar wahalar da mu."

Sai Madugu Ahmadu ya aiko cewa an sa rana. Zubaidatu ta rufe ɗakinta, ta ba maƙwabciya kajinta, ta iso Sabon Gari da ƙunshinta a kai, karo na farko da ta kwana a gidan ɗanta. Washegari ya raka ta tasha, ya ɗora ta a jirgin Kano tare da matar madugu. Ta riƙe ƙarfen taga gam, ba ta taɓa shiga abin ba.

"Za mu ɗan zauna a Kano kafin sauran su taru," in ji Ahmadu. "Amma in sun taru ba zan tsayar da jama'a don mutum ɗaya ba, ka sani."

"Na sani."

Zubaidatu ba ta ce ya biyo ta ba. Ta ce ya yafe mata, ta yafe masa, jirgi ya ja.

Ya ƙara jiran jirgin wasiƙu guda. Ba amsa. Bernard ya ce wataƙila takardar tana kan teburin wani da ya tafi hutu, ko an tura ta Ingila. Da safe Zailani ya ɗauki mabuɗin sito da duwatsun awo, ya shiga ofishin Mai Lofe, Uba na biye da shi. Ya jera su a kan tebur.

"Akawu, gaya masa ga amanarsa, ya duba a gabana. Wata biyuna da ke hannunsa nake so ya ba ni daga yau. Sauran kuma abin da Ikko ta yanke na karɓa, ko ina nan ko ba na nan. Ba guduwa nake yi ba, ga ni a gabansa ina faɗa."

Mai Lofe ya cire lofen daga baki, ya daɗe yana duban tulin audugar da ke jira a waje. Ya kira Uba ya sa shi ya auna buhuna a gabansa. Sannan ya dawo ya sa hannu a hutun wata biyu, ya ce Uba zai riƙe sikeli a matsayin gwaji. Ya kuma sa Bernard ya rubuta wa Zailani takardar shaidar aiki, cewa ya yi wa kamfani hidima da gaskiya kuma da sanin manaja ya tafi. Ya ce wannan ita kaɗai ce abin da yake iya yi da hannunsa.

Kuɗin hutun Zailani bai taɓa su ba, ya miƙa wa Safiyatu. Kakata, wadda a lokacin ba ta isa aure ba, ta ce abin da ta riƙe na rabuwar shi ne bai zauna an yi sallama ba, a tsaye ya dafa kan kowa ya fita. Ya isa Kano ya tarar ayari ya tashi. Ya bi sawunsu a ƙasa, ya cim musu a wani zango a hanyar Borno, ya tarar da tsohuwa tana gardama da mai takarkari a kan ɗaurin kaya. Ta dube shi ta ce, "Ka iso? Zo ka gyara wannan igiyar."

Amsar Ikko ta zo bayan an gama kakar auduga. Bernard ya ɗauke ta da kansa, shi da matarsa Martina, suka je Unguwar Gabas. Martina ta shiga ciki, shi ya tsaya a zaure ya karanta wa Safiyatu ta bayan asabari. An amince da hutun wata biyu. Abin da ya wuce haka kamfani ba shi da tsarinsa, don haka an cire sunan Zailani daga ranar da hutun ya ƙare. In ya dawo yana iya neman aiki, za a duba shi in akwai gurbi. An tabbatar da Uba a kan sikeli.

"To," in ji Safiyatu. "Gara da bai ji ba. Da ya ji, da a hanya ma bai yi barci ba."

Ba ta da hanyar aika masa, ba ta kuma nema ba. Daminar shekarar ta yi gardama, yunwa ta biyo baya, hatsi ya yi wuyar gani a kasuwar Sabon Gari. Albashin Uba da ƙosan da Safiyatu ta fara soyawa a bakin tasha su suka riƙe gidan.

Zailani da mahaifiyarsa sun isa. Sun yi damina a Kurdufan yana noma a gonakin mutane, suka sami hajjin da suka nufa. Ya ce a ɗawafi ya so ya goya ta, ta ƙi, ta riƙe gefen haraminsa ta zagaya da ƙafarta. A hanyar dawowa ciwo ya kwantar da ita a wani ƙauyen Hausawa a bakin Nilu. Ya zauna jinyarta har ta rasu, ya binne ta a can. Sannan babban yaƙin Turawa ya tashi, hanyar Darfur ta rikice, ayari ya daina wucewa. Ya yi dako, ya yi awon hatsi, yana ta tambayar duk wanda ya fito daga yamma ko hanya ta buɗe. Sai a shekara ta biyar ya sauka a tashar Zariya, ya rame, gemunsa ya yi fari.

Bai wuce gida ba sai da ya biya ta rumfa. Mai Lofe ya daɗe da tafiya, wani Bature ne a kujerar. Uba na kan sikeli, ya yi ƙiba, ya yi aure. Da ya gan shi ya saki buhu ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ga wurinka."

Bernard ya fito ya rungume shi, ya ja shi gefe ya gaya masa abin da Ikko ta yanke tun tuni. Zailani ya saurara har ƙarshe.

"Ashe tun ina Borno ba ni da aiki," ya ce. Ya yi 'yar dariya. "Ni kuwa har a Makka ina ce wa mutane hutu na zo."

Ya ce wa Uba ya tashi ya koma kan aikinsa, mutumin da ya ciyar masa da gida a shekarar yunwa ba zai karɓe abinci daga bakinsa ba. Bernard ya shigar da shi wurin sabon manajan, ya yi bayani. Gurbin da ke akwai ɗaya ne, kuma ba mai so: bin ƙauyuka da jakuna ana sayo auduga daga hannun manoma, albashinsa bai kai na awo ba. Zailani ya karɓa a tsaye.

Wannan aikin ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Mutane suka koma kiransa Alhaji, masu niyyar gabas suna zuwa zaurensa tambayar hanya, in sun yi sa'a su same shi a gida. Ɗakin Zubaidatu ya rushe da damina, ya gyara shi ya mai da shi wurin ajiye auduga. Ya rasu a wani ƙauye yamma da Samaru, ana tsakiyar kaka, bayan zazzaɓin kwana kaɗan. Uba ne ya je ya ɗauko shi, aka yi masa sutura a Sabon Gari. Safiyatu ta rayu bayansa shekaru masu yawa, a ɗakin kakata ta ƙarasa.